Idan Kaya Suka Dawo: Yadda Mai Kanti Zai Rubuta Ƙa'idar Karɓar Koke

A kantuna da yawa na Kano da Kaduna da sauran biranenmu, ƙa'ida ɗaya tak aka taɓa rubutawa game da koken mai saye. Tana can ƙasan rasit da ƙananan haruffa, galibi da Turanci, tana cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Duk sauran dokokin a kan mai gida suke. Shi ya san wanda ake yi wa musanya da wanda ake ba haƙuri, shi ya san dilan da ke karɓar kayansa idan sun lalace da wanda ba ya karɓa. Ranar da ya tafi Legas sarin kaya, kanti ya zauna ba doka, yaran kuma amsa ɗaya suka iya: “Alhaji ba ya nan, sai dai ki dawo jibi.”

Wannan layi na ƙasan rasit ba ya kare mai kanti kamar yadda yake zato. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Dokar ta ce idan kaya suka zo da aibi, ko ba su yi aikin da aka sayar da su dominsa ba, mai saye yana da wata uku daga ranar da aka miƙa masa su ya mayar, ba tare da an ci shi tara ba, wanda ya sayar kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Hukumar ta sha bayyana cewa rubuta “ba a dawowa” ba ya soke wannan haƙƙi. Ga wanda ya yi karatun zaure ma ba baƙon zance ba ne, domin babin ciniki na Risala ya yi bayanin mutumin da ya sayi abu ya tarar da aibin da bai sani ba, cewa yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Ke nan tambayar da ke gaban mai kanti ba ta ko kaya za su dawo ba ce. Za su dawo. Abin da ya rage masa shi ne ya tsara wa zai karɓe su, me zai duba, wa ke da ikon yanke hukunci, kuma cikin kwana nawa.

Bari mu ɗauki kanti guda mu bi shi daki-daki: shagon kayan wutar lantarki na gida, irin wanda ke sayar da fanka da dutsen guga da injin markaɗe da ƙaramin firji. A ce akwai mai gida, da manaja, da yara uku a kanta, da wani mai gyara a bayan layi da ake kai wa aiki. Kuɗaɗen da zan ambata misali ne kawai, kowa ya sa nasa gwargwadon jarinsa.

Kafin a ɗauki alƙalami

Kuskuren da aka fi yi shi ne mai gida ya zauna shi kaɗai ya tsaro dokoki daga kansa, ko ya sa a kwafo masa na wani babban kamfani. Takardar da aka haifa haka ba ta wuce aljihun tebur. Mafarin aikin shi ne a tara yaran kanti bayan an rufe, a ce kowa ya tuno rigimar da aka yi da kwastoma a wata shidan da suka wuce, a rubuta su yadda suka faru. Da an jera goma ko ashirin za a ga ba iri ɗaya ba ne. Akwai kayan da suka fito da aibi daga kamfani. Akwai waɗanda suka lalace a hannun mai saye, ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone su. Akwai wanda lafiyar kayansa ƙalau, ra'ayi kawai ya sauya, ko an aiko yaro ya sayo abin da ba shi aka ce ba. Akwai rikicin kuɗi, kamar a cire wa mutum kuɗi a POS bai shigo ba. Sai kuma koke kan halin ma'aikaci.

Wannan rarrabewa ita ce ƙashin bayan takardar, domin kowane iri da hukuncinsa. Aibin kamfani haƙƙi ne, ba alfarma ba, kuma bai kamata yaro ya miƙa shi yana yatsina ba. Sauya ra'ayi kuwa alfarma ce, ita ce malamai ke kira iƙala, wato mai sayarwa ya yarda a warware ciniki don kyautatawa. Mai kanti yana da damar gindaya mata sharaɗi: a dawo cikin kwana uku, da rasit, kwali bai yage ba, ba a yi amfani da kayan ba, kuma musanya za a yi. Yawancin faɗan da ake yi a bakin kanta daga cakuɗa waɗannan biyu yake tasowa. Kwastoma na neman haƙƙinsa, yaro na amsa masa da sharuɗɗan alfarma, ko kuma akasin haka.

Iyakar ikon kowa

Idan da za a ce in zaɓi sashe ɗaya kacal in rubuta, wannan zan zaɓa. Yaron kanti ba don mugunta yake cewa a dawo jibi ba. Tsoro yake ji. Ya san idan ya musanya dutsen guga mai gida ya dawo bai ji daɗi ba, daga albashinsa za a cire. Muddin haka ne, korar mai koke ta fi masa sauƙi, kuma duk wa'azin sakin fuska da za a yi masa ba zai sauya lissafin ba. Abin da ke sauya shi lamba ce a rubuce.

A kantinmu na misali za a iya rubuta cewa duk yaron da ke kanta yana da ikon musanya kayan da kuɗinsu bai wuce naira 15,000 ba, nan take, idan akwai rasit, kwana bakwai ba su cika ba, kuma an gwada an ga aibin da ido. Manaja yana da ikon musanya ko biyan kuɗin gyara har zuwa naira 100,000. Abin da ya haura haka, da duk mayar da tsabar kuɗi, na mai gida ne. Sai a ƙara jimla guda wadda galibi ake mantawa: idan an nemi mai gida a waya yini guda ba a same shi ba, ikonsa ya koma hannun manaja. In babu wannan jimla, an dawo gidan jiya, sai dai yanzu “Alhaji ba ya nan” ya samu takarda.

Dole kuma mai gida ya ɗaure kansa da alkawari a cikin takardar, cewa duk wanda ya yanke hukunci cikin iyakarsa, ya bi matakan, ba za a taɓa albashinsa ba ko da daga baya an gano kwastoman ya yi wayo. Wannan yana yi wa masu kanti nauyi, na sani. Amma a gwada kuɗin dutsen guga ɗaya da aka yi asara da abin da ake rasawa idan yara suka koyi ɓoye koke. Me ya sa aka ware mayar da tsabar kuɗi ga mai gida? Saboda nan ce ƙofar da ha'inci ya fi shigowa daga cikin gida: a rubuta cewa kaya sun dawo, a zare kuɗi daga aljihun tebur, alhali babu abin da ya dawo. Don haka kuɗi ta hanyar da suka shigo suke komawa. Wanda ya biya da tiransifa, asusun da ya turo daga ciki za a mayar wa, ba a miƙa wa ɗan aike tsaba ba.

Fankar Hajiya

Ga yadda takardar za ta yi aiki a zahiri. A ce tsakiyar watan Afrilu ne, zafi ya kai intaha, wata mata ta shigo da fanka mai caji da ta saya naira 85,000 kwana ashirin da suka wuce. Ta dire ta a kan kanta tana cewa, “Malam, ku dai ku ji tsoron Allah. An ce min tana kwana tana juyawa, ga shi ko sallar isha ba ta kaiwa.”

Mataki na farko a takardar gajere ne: a gaishe ta, a ba ta wurin zama nesa da layin masu saye, a bar ta ta gama magana. Ba a ce yaro ya amsa laifi ba, ba a kuma ce ya musa ba, domin bai riga ya san gaskiyar lamarin ba. Akwai kalmomin da ya kamata a hana a rubuce, irin su “ai lafiya lau muka ba ki” da “ke kika lalata”. Abin da zai ce bai wuce, “Sannu Hajiya, ki yi haƙuri da wahalar dawowa. Bari in rubuta, sannan mu gwada a gabanki.”

Mataki na biyu shi ne rubutawa, kuma a fara da shi kafin a taɓa fankar. Littafin koke babban littafi ne mai bango mai tauri, an sa wa shafukansa lamba don kada a yage wani. Kowane koke da layinsa: lambar koke, kwanan wata, sunan mai saye da lambar waya, lambar rasit, sunan kaya da siriyal lambarsu, abin da mai saye ya faɗa da kalmominsa, sunan wanda ya karɓa, da ranar da aka yi alkawarin ba da amsa. A bar gurbi biyu a ƙarshe, na abin da aka gano da na hukuncin da aka yanke. Cewa a rubuta da kalmomin mai saye yana da dalili. Idan yaro ya taƙaita ya rubuta “fanka ta lalace”, mai gyara zai jona ta da wuta ya ga tana juyawa ya ce lafiyarta ƙalau. Idan aka rubuta “tana caji, amma ba ta wuce minti arba'in idan an ɗauke wuta”, an riga an nuna masa inda zai duba.

Na uku, a tabbatar fankar ta kantin ce. A gwada siriyal lambar da ke jikinta da wadda ke kan kwafin rasit. Nan ne ake gane cewa rabin aikin karɓar koke tun ranar ciniki ake yin sa, domin idan ba a rubuta lambar a rasit a ranar ba, babu yadda za a bambanta fankar da aka sayar da wata tsohuwa irinta da aka sako a sabon kwali. Idan rasit ya ɓace, kuma yana ɓacewa, takardar ta faɗi abin da zai maye gurbinsa: kwafin da ke littafin rasit na kanti, ko shaidar tiransifa a wayar mai saye. Ɓatan rasit ba ya kashe haƙƙi, jinkiri kawai yake jawowa. A kuma tuna cewa a garuruwanmu sau da yawa mai kayan ba ita ce ke zuwa kasuwa ba, ƙane ko direba ko ɗa ake aikowa. Saboda haka a karɓi koke daga duk wanda ya zo da kaya da shaida, amma a kira mai kayan a waya kafin a yanke hukunci.

Na huɗu shi ne dubawa a gaban mai kaya. Yaro ya duba ko an kwance sukurori ko an yage hatimin kamfani, ko akwai fashewa irin ta faɗuwa, ko alamar ruwa, ya sansana ko akwai ƙaurin ƙonewa. Abin da ya gani ya faɗa da baki ya rubuta, ya ɗauki hoto da wayar kanti. A fankar Hajiya babu ko ɗaya, tana kuma juyawa idan an jona ta. Gwajin batir yana cin sa'o'i, kuɗin fankar ma ya wuce iyakar yaro, don haka sai ya kira manaja. Manaja ya karɓi fankar, ya ba Hajiya ƙaramar takarda mai lambar koke da jerin abin da ta bari, har da wayar caji da rimot, ya ce, “Hajiya, zuwa jibi da la'asar za mu kira ki da sakamako.” A lura, bai ce za a gyara jibi ba. Amsa ya yi alkawari, ita ce abin da ke hannunsa.

Yanzu ga abin da mai gyara zai yi. Da yawa daga cikin irin waɗannan fankoki batirin dalma ne a cikinsu, rufaffe, mai bolt 6 ko 12. Mai bolt 12 idan ya cika ya huta, mita tana nuna kusan 12.6 zuwa 12.8. Mai gyara zai cika shi, ya auna, ya kunna fankar ba wuta yana kallon agogo. Idan cikin ƙasa da sa'a guda ya zube zuwa wajen 10.5, batirin ya mutu. Idan kuma tun farko cajin ba ya shiga, matsalar tana allon caji ne, ba batir ba. A ce ya tarar batirin ne, allon caji lafiya, ba ƙuna ba kumburi. Batirin dalma yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a amfani da shi, zafi yana ƙara saurin hakan, kuma idan ya daɗe a zube gishirin dalma yana daskarewa a faifansa har ya daina riƙe wuta. Fankar da ta yi wata takwas a sito mai rufin kwano tana iya isa hannun mai saye da batirin da ya riga ya tsufa. Kwana ashirin a ɗakin Hajiya da wuya su yi masa wannan lahani. Aibin ya riga ciniki, saboda haka na kanti ne.

Manaja ya kira ta ranar da ya ce, ya gaya mata abin da aka gano ba kwana-kwana, ya ba ta zaɓi: a sa sabon batir na naira 12,000 a kuɗin kanti ta karɓa gobe, ko a ba ta wata fankar bayan an gwada batirinta. Idan ta ce kuɗinta take so, magana ta wuce wurin mai gida, kuma takardar ta riga ta ce kada a wuce kwana bakwai daga ranar da aka rubuta koken. Duk wanda ta zaɓa, a rubuta, ta sa hannu ko ɗan aikenta ya sa, bayan kwana uku a buga mata waya a ji ko fankar tana kwana. Sai an yi wannan kiran ake ja wa layin koke layi.

Da a ce mai gyara ya buɗe ya tarar fiyus ya tsinke, allo ya yi baƙi, ga ƙauri, to alamu sun karkata ga wuta da ta zo da ƙarfi ko janareta mara saiti. A nan ma akwai iyaka ga abin da ido zai iya tabbatarwa, domin allo mara kyau yana iya ƙonewa da wuta daidai. Takardar da ta yi shiru kan shakka ta bar wa yaro da kwastoma su yi ta rantse-rantse. Gara a yanke tun yanzu. Ni a ganina, idan mai gyara ya kasa tantancewa kuma ana cikin wata ukun nan, kanti ya ɗauki asarar. Idan kuwa shaida ta fito fili, kamar an kwance na'urar a wani wuri, ko maƙwabta ma kayansu sun ƙone a daren, a nuna wa mai kaya hoto, a faɗa masa kuɗin gyara, a jira yardarsa kafin a taɓa komai.

Kayan ɗaki da wata uku

Akwai matsala guda da ba za a same ta a takardar da aka kwafo daga waje ba. Iyaye suna tara wa 'yarsu kayan ɗaki tun biki da saura wata huɗu ko biyar. Firji da injin markaɗe da fanka suna zaune a kwalayensu a ɗakin uwa, ba a buɗe su sai ranar jere. Ranar da aka jona aka ga injin ba ya tashi, wata uku sun shige, mai kanti yana ganin ya fita, uwar amarya kuma tana rantsuwa ko sau ɗaya ba a yi amfani da shi ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Maganin yana wurin ciniki. Takardar ta wajabta cewa duk na'urar wuta a buɗe ta a gwada a gaban mai saye, a rubuta “an gwada” a rasit. Yaro ya tambaya, “Na amfani ne yanzu ko na ajiya?” Idan na ajiya ne, mai kanti ya zaɓi ɗaya ya rubuta: ko dai ya ƙara wa'adi daga aljihunsa, a sa ranar biki a rasit a fara ƙirga daga nan, ko ya faɗa wa mai saye ƙarara cewa kwanaki daga yau suke tafiya. Mai batir kuwa a ja kunne a riƙa yi masa caji lokaci-lokaci, ko a ba da shawarar a bar sayensa sai biki ya matso. Mai kantin da ya zaɓi ƙara wa'adi ya fara jin ta bakin dilansa, kada ya yi alkawarin da shi kaɗai zai biya.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da kwastoma ba ya gani. Duk alkawarin da kanti ya yi a gaba, ya kamata ya san wanda zai ɗauke masa shi a baya. Kafin a kammala takardar, a zauna da kowane dila a ji sharaɗinsa: kwana nawa yake karɓar kayan da suka lalace, yana buƙatar kwali da katin garanti ko a'a, musanya yake yi ko ragi a sari na gaba, wa ke biyan kuɗin mota. A rubuta wannan a shafi na daban da ke hannun manaja. Amma kada a rataya mai saye a kan dila. Da kanti ya yi ciniki, kuma “sai mun ji daga kamfani” ba amsa ba ce idan kwana bakwai sun cika. Kanti ya sallami kwastoma, sannan ya bi dilansa.

Rikicin POS bai buƙatar dogon bayani, amma yana buƙatar layi biyu. Idan na'ura ta fitar da takarda mai `DECLINED` alhali an cire wa mutum kuɗi, kuɗin ba su shigo kanti ba, don haka ba a ba da kaya, ba a kuma ba da tsaba. A miƙa masa takardar, a rubuta lambar `RRN` da ke jikinta a littafin koke, a gaya masa bankinsa zai kai ƙara. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware irin wannan cikin sa'a 72. Idan daga baya kuɗin suka faɗo asusun kanti, lambar da aka rubuta ce za ta nuna mai su. Koke kan halin ma'aikaci kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce: wanda aka kawo ƙararsa ba ya sauraron ƙarar, kuma ba a yi masa faɗa a gaban jama'a. Sai wani iri da ba ya jiran kowa: idan aka ce na'ura ta ja mutum ko ta kama da wuta, duk yaron da ya ji yana da ikon sauke sauran irinta daga kanta nan take, a kira mai gida ko da dare ne.

Yadda takardar za ta kasance

Shafi ɗaya ya isa, biyu sun yi yawa. A rubuta da harshen da yaran ke magana da shi, kowace jimla ta faɗi wanda zai yi aikin da lokacin da zai yi. “A gaggauta magance koke” ba ƙa'ida ba ce, domin babu wanda za a iya cewa ya karya ta. “Manaja ya kira mai koke kafin a rufe kanti a rana ta biyu” ita ce ƙa'ida. A sa kwanan wata da sa hannun mai gida a ƙasa, don idan an yi gyara a san wadda ke aiki. Ban da ita, a yi gajeriyar sanarwa ta masu saye a manna inda ido ke kaiwa, da Hausa da Turanci: kwanakin dawo da kaya, abin da za a zo da shi, lambar wayar manaja, da inda mutum zai je idan bai gamsu ba. Wasu masu kanti suna jin kamar tona wa kai asiri ne a ambaci shugabannin kasuwa, ko hukumar kare masu saye ta jiha kamar wadda Kano ke da ita, ko FCCPC. Amma wanda ya fusata zai gano hanyar ko ba a nuna masa ba, in ma bai fara da yaɗa hoton kantin a waya ba. Littafin koke kuma a kulle shi a aljihun tebur, lambobin mutane ne a ciki, na matan aure ma, ba na kiran talla ba ne balle na wani abu daban.

Kafin a buga hatimi a gwada ta, ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗauko rigingimun nan da aka tuno tun farko, a ba sabon yaron da ya fi kowa ƙarancin gogewa takardar, a karanta masa su ɗaya bayan ɗaya ya faɗi abin da zai yi. Duk inda ya tsaya yana kallon manaja, akwai giɓi a rubutun, ba a kan yaron ba. Galibi giɓin a wurare uku yake fitowa: babu rasit, mai gida ba ya nan, ko mai gyara ya ce bai tabbatar ba.

Alamar cewa ƙa'idar ta mutu ita ce littafin da ya yi wata guda ba a rubuta komai ba a kantin da ke ciniki kullum. Ba koke ne ya ƙare ba, rubutawa aka daina. Haka nan idan layuka suka taru gurbin hukunci babu komai, ko aka ga kowane ƙaramin abu sa hannun mai gida ne a kai, wato yara ba su yarda da alkawarin albashin nan ba. Shi ya sa ƙarshen kowane wata mai gida da manaja za su zauna da littafin rabin sa'a, su ƙirga koke nawa aka samu, nawa aka rufe cikin kwana bakwai, kuma wane kaya ne sunansa ya maimaitu. Idan fanka iri ɗaya ta bayyana sau uku da matsalar batir, a shiga sito a duba ranar da katan ɗin ya iso, a auna batiran da suka rage, a yi wa masu rai caji, matattun kuma a haɗa su da lambobin koken uku da hotunansu a aika wa dila kafin a biya shi cikon kuɗinsa.